Yadda na fassara wa wata ƙungiyar mata yarjejeniyar tallafi a Kano

Yarjejeniyar tallafi takarda ce da ɓangare biyu ke sa wa hannu, amma ɓangare ɗaya ne ke rubuta ta. Mai ba da kuɗi shi ke zuwa da ita a shirye, lauyoyinsa sun tsara ta da Turancinsu na shari'a, ita kuwa ƙungiyar da za ta karɓa nata ta karanta ta sa hannu. A ƙarshen shekarar 2024 aka kawo mini irin wannan takarda in mayar da ita Hausa. Ƙungiyar ƙarama ce, tana koya wa zawarawa da matan da mazansu suka rasu ɗinki a wata unguwa cikin ƙaramar hukumar Gwale, kuma tana da rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Wata gidauniya ta ƙasar waje ce ta amince za ta ba ta dala 36,000 don aikin shekara guda.

Jami'ar da ta rubuta takardar neman tallafin ta yi karatu a Jami'ar Bayero, Turanci ba ya ba ta wahala. Sai dai ba ita za ta sa hannu ba. Masu sa hannu su ne Hajiya shugaba da Alhaji ma'aji, wanda ya daɗe yana sayar da yadi a Kantin Kwari, sai kuma wani malamin Islamiyya da ke cikin amintattu. Hajiya ta ce mini, "Malam, ni ba na sa hannu a abin da ban ji da kunnena ba. Ka faɗa mana da Hausa abin da muke ɗaukar wa kanmu." Wannan magana tata ita ta nuna mini irin fassarar da ake so: wadda za su karanta su san wa zai yi me, yaushe, kuma me zai faru da kuɗin idan ba a yi ba.

Ban fara rubuta komai ba sai da na karanta takardar daga farko zuwa ƙarshe, ina riƙe da fensir ina zagaye duk inda aka ambaci wata takarda dabam. An ambaci rataye guda huɗu: bayanin aikin, kasafin kuɗi, fom ɗin rahoto, da sharuɗɗan gidauniyar na gama-gari. Uku na farko suna cikin abin da aka turo mini, na huɗun babu. Na kira jami'ar na ce sai an nemo shi, domin akwai sakin layi da ya ce ratayen duka ɓangare ne na yarjejeniyar, kuma duk wanda ya sa hannu ya amince da su. Da aka turo shi sai ga shi ya fi uwar takardar tsawo, kuma a cikinsa ne maganar mayar da kuɗi da binciken odita suke. Da an fassara uwar takardar kaɗai, da amintattun sun ji rabin zance ne suna zaton sun ji duka.

Na tsara aikin a Word cikin jadawali mai gida biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama, kowane sakin layi da lambarsa yadda take a asali. Lambobin nan ba a taɓa su, saboda ran da gidauniya ta rubuto tana magana a kan sashe na 7.2, dole Hajiya ta buɗe nata kwafin ta tarar da 7.2 a inda yake. A saman shafin farko kuma na rubuta cewa wannan fassara ce don fahimta, idan aka sami saɓani Turancin ne za a bi. Ba ni na ƙirƙiri wannan ba, yarjejeniyar da kanta ta faɗa, kuma gara su sani tun daga layin farko.

Daga nan sai na zauna da Alhaji ma'aji muka tsayar da kalmomin da za su yi ta maimaituwa. Abin da na nema a wurinsa shi ne yadda suke kiran abubuwa a ofishinsu. Rasit suke cewa, bauca suke cewa, odita suke cewa, don haka su na rubuta. Kuɗin kuwa muka ce tallafi, ban yarda a ce kyauta ko gudummawa ba, domin mai jin kyauta zai ɗauka abu ya zama nasa. Kuɗin nan ya fi kama da jarin da uban gida ke damƙa wa yaron shago ya ce je ka sayo kaya kaza: a hannunka yake, amma kowace naira da wurin da aka ce ta tafi, kuma za a zauna lissafi. Da zarar mun tsayar da kalma, ban sake canza ta ba har ƙarshe. A rubutun adabi maimaita kalma aibi ne, a yarjejeniya kuwa idan ka ce tallafi a nan ka ce taimako a can, mai karatu zai zaci kuɗi biyu ne.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne wajen rarrabe dole da izini. Lauyoyi suna ɗora wajibi da wata ƙaramar kalmar Turanci, "shall", wadda a makaranta aka koya mana cewa tana nuna abin da zai faru nan gaba. Idan ka bi karatun makaranta ka rubuta "ƙungiya za ta miƙa rahoto", Bahaushe zai ji shi tamkar shiri ko alkawarin da in Allah ya yarda za a cika. Na rubuta "wajibi ne ƙungiya ta miƙa rahoto". Inda aka ba da zaɓi na rubuta "tana da damar", inda aka hana kuma "ba a yarda ba". Da aka gama sai abin ya fito fili ga mai karatu: yawancin wajiban a kan ƙungiya suke, yawancin "tana da damar" na gidauniya ne. Haka nan ban bar aiki ba tare da mai yinsa ba. Hausa tana da sauƙin cewa "a adana rasit", "a sanar", kuma irin wannan a ofis shi ke sa kowa ya zaci wani ne zai yi. Duk inda asalin ya nuna mai yi, na kira sunansa.

Kasafin an yi shi a kan naira 1,500 kowace dala, wato dala 36,000 ta zama naira miliyan 54. Miliyan 50 na aikin kai tsaye ne, an raba shi gida huɗu: kekunan ɗinki da kayan aiki miliyan 20, albashi miliyan 15, horo miliyan 11, sufuri miliyan 4. Sauran miliyan 4 kuma na gudanar da ofis ne, irin su haya da wuta da kuɗin waya.

Sakin layin da ya fi tsayar da ni gajere ne ƙwarai. Ya ce ƙungiya tana da damar ɗaukar kuɗi daga wani gida na kasafi ta kai wani ba tare da neman izini ba, muddin abin bai wuce kashi 10 cikin ɗari na gidan da abin ya shafa ba. To wane gida ne abin ya shafa? A ce kuɗin mota ya tashi, abin da kowa a Kano ya ɗanɗana tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ana so a ƙara wa sufuri daga kuɗin kekuna. Idan gidan da aka ɗebo daga cikinsa ake nufi, kashi 10 na miliyan 20 miliyan 2 ne. Idan gidan da aka zuba wa ake nufi, kashi 10 na miliyan 4 naira 400,000 ne kacal. Duka gidajen biyu abin ya shafe su, kuma Turancin bai zaɓi ɗaya ba. Tsakanin fahimtar biyu akwai naira miliyan 1 da dubu 600, kuma duk abin da ya haura iyaka gidauniya tana da damar ta ƙi lissafa shi, ta ce ƙungiya ta biya daga aljihunta.

Ina iya rubuta jimlar Hausa mai santsi da za ta ɗauki ɗaya daga ciki, kuma babu wanda zai gane na yanke hukunci a madadin ɓangarorin biyu. Wannan ba hurumin mai fassara ba ne. Na fassara shi da ruɗaninsa yadda yake, na sa alama, a gefe na rubuta fahimtar biyu da lissafin kowacce, na ce a tambayi gidauniya a rubuce kafin a sa hannu. A ganina wannan shi ne babban abin da mai fassara zai yi wa wanda ya ɗauke shi aiki a irin wannan takarda, ya nuna masa inda ƙasa ke da rami maimakon ya shimfiɗa masa kyakkyawar Hausa a kai.

Kuɗin gudanar da ofis ma akwai abin lura a cikinsa. A jadawalin kasafi an rubuta miliyan 4, duk wanda ya gani zai ce kuɗi ne tsayayye. A cikin sharuɗɗa kuwa an ce kashi 8 cikin ɗari ne na abin da aka kashe a zahiri a aikin kai tsaye, kuma gidauniya ta amince da shi. Wato idan shekara ta ƙare an kashe miliyan 40 maimakon 50, kason ofis miliyan 3 da dubu 200 ne. Ƙungiyar da ta riga ta cinye miliyan 4 a haya da janareta sai ta nemo dubu 800 ta mayar. Kalmomin "a zahiri" su ne ke ɗauke da wannan nauyi duka, don haka na tabbata ba su salwanta a fassara ba.

Sai maganar canji. Yarjejeniyar ta ce iyakar abin da gidauniya za ta bayar dala 36,000 ne, ba ta ce naira miliyan 54 ba. Farashin da za a yi rahoto da shi kuma shi ne wanda banki ya canza kuɗin a ranar da suka shiga asusu, kamar yadda takardar banki ta nuna. Na san mutanen Kano, da an ce canji hankali zai tafi Wapa, kasuwar 'yan canji, shi ya sa na rubuta "farashin da bankin ƙungiya ya yi amfani da shi" a cike a duk inda ya zo. Tallafin kashi-kashi za a sake shi, kason farko dala 14,400 ne, a farashin kasafi miliyan 21 da dubu 600. Idan banki ya canza a 1,400, abin da zai shigo miliyan 20 da dubu 160 ne, giɓin miliyan 1 da dubu 440 kuma gidauniya ba za ta cike shi ba. Idan ya canza a 1,600, rarar da aka samu daidai wannan adadin ba ta ƙungiya ba ce, wajibi ne ta bayyana ta a rahoto ta jira a ce mata yadda za a yi da ita. Duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki a watan Yunin 2023, lokacin da Babban Banki ya haɗe kasuwannin canji, ya san wannan sakin layi ba ado ba ne.

Kafin in bar kasafi na bi alƙaluman ɗaya bayan ɗaya da kalkuleta, na tara na Hausa na gwada da na Turanci. Kwanan wata kuma ban bar shi da lambobi zalla ba. Wasu ƙasashe suna fara rubuta wata kafin rana, mu muna fara rubuta rana, sai lamba ɗaya ta zama 4 ga Mayu a wurin wani, 5 ga Afrilu a wurin wani. Na tabbatar da wanda ake nufi, na rubuta sunan watan da haruffa.

Sashen rahoto a karatun farko ya yi kama da mai sauƙi. Bayan kowane wata uku, rahoto biyu: na aiki, wanda ke faɗin mata nawa aka horar da abin da aka cimma, da na kuɗi, wanda ke jera abin da aka kashe a kowane gida tare da takardar banki. Wa'adi kwana 30 bayan ƙarshen zangon. Rahoton ƙarshe kwana 60 bayan kammala aiki, haɗe da rahoton odita mai zaman kansa. Rasit da bauca a adana su shekara 7.

Wahalar tana cikin kwanakin. Takardar tana da kwana iri biyu, kuma a sashen ma'anar kalmomi aka ɓoye bambancin. Kwana 30 na ƙungiya kwanakin kalanda ne, har da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Gidauniya kuma tana da kwana 20 na duba rahoto, amma nata kwanakin aiki ne, kuma an fassara ranar aiki da ranar da bankuna ke buɗe a ƙasar gidauniyar. Ma'ana hutunsu yana tsayar da agogonsu, hutun Sallarmu ba ya tsayar da namu. A Hausar sai na rubuta "kwanakin kalanda" da "kwanakin aiki na ƙasar gidauniya" a cike kowane lokaci, ko da jimlar ta yi nauyi.

Kuma rahoton a ɗaure yake da kuɗi. Za a saki tallafin kashi huɗu: 40 cikin ɗari, sai 30, sai 20, sai 10. Ba za a saki kaso na gaba ba sai gidauniya ta amince da rahoto, kuma an kashe aƙalla kashi 70 cikin ɗari na kason baya. Miƙawa dabam, amincewa dabam, kuma mai fassarar da ya yi gaggawa zai iya haɗe su da kalmar "karɓa", wadda a Hausa tana ɗaukar duka biyun. Na guje ta gaba ɗaya a wannan sashe.

Ranar karatu mun zauna a ofishinsu, ɗaki ɗaya ne da kekunan ɗinki a jere a jikin bango an lulluɓe su da atamfa saboda ƙurar hunturu. Ni nake karanta Hausar da ƙarfi, jami'ar tana bin Turancin da yatsa, Alhaji yana rubuta lambobi a bayan wata ambulan. Karatu da ƙarfi yana tona jimlar da ido ya wuce ta, duk inda na ga Hajiya ta ɗaga kai ta ce "maimaita", na san wurin yana buƙatar gyara. Da muka zo kan sakin kuɗi, Alhaji ya ɗaga hannu ya ce in dakata. Ya lissafa a fili: aiki zai fara 1 ga Janairun 2025, zangon farko ya ƙare 31 ga Maris, rahoto 30 ga Afrilu, su kuma su ɗauki kimanin mako huɗu. Ya dubi shugaba ya ce, "Hajiya, kuɗi na biyu ba zai zo ba sai ƙarshen Mayu, in ma ba su dawo mana da tambaya ba. Kason farko wata biyar zai riƙe mu, ba wata uku ba." Malamin Islamiyya ya ƙara da cewa azumi zai cinye watan Maris, Sallah kuma ta faɗo daidai ƙarshen zangon, lokacin da ya kamata a ce ana tattara rasit.

Sai kason ƙarshe, dala 3,600, wato naira miliyan 5 da dubu 400 a farashin kasafi. Shi ba a sakinsa sai an amince da rahoton ƙarshe, rahoton ƙarshe kuma ba a rubuta shi sai an gama aiki. Na karanta sakin layin sau biyu, ɗakin ya yi tsit. Hajiya ce ta fara magana: "Wato Malam, mu za mu fara kashe wannan kuɗin daga namu, sannan su biya mu?" Na ce haka takardar ta ce, ranki ya daɗe. Ƙungiyar da ke rayuwa da karo-karon mambobi ba ta da miliyan biyar a ajiye, kuma babu wanda ya lura da wannan a lokacin murnar samun tallafi.

Malam shi ma ya tsayar da ni a inda aka ce duk kuɗin ruwa da asusun tallafi ya haifar na gidauniya ne. Ya tambaya ko takardar ta tilasta a ajiye kuɗin a asusu mai ruwa. Na koma na duba, abin da ta wajabta shi ne asusu na musamman da sunan ƙungiya, wanda ba a cakuɗa shi da wasu kuɗaɗe, da masu sa hannu biyu. Ba ta ce dole ya haifi ruwa ba. Suka tsayar da cewa za su buɗe shi a bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irin su Jaiz, su kuma sanar da gidauniya.

An tambaye ni a wurin ko ina ganin su sa hannu. Na ce nawa shi ne su ji abin da takarda ta ce, ba ragi ba ƙari, shawarar shari'a kuwa ta lauya ce, musamman sashen da ya ce dokar ƙasar gidauniya za a bi idan rigima ta taso. Sun kai wa wani lauya duka kwafin biyu, ya taimaka musu suka tsara tambayoyi uku aka aika.

Amsa ta zo a rubuce. Game da kashi 10, gidauniya ta ce kada ko wane gida ya sauya da fiye da kashi 10 na kansa, wanda aka ɗebo da wanda aka zuba wa, don haka ƙaramin ne ke yanke hukunci: a misalin sufuri, naira 400,000. Ta ƙara da cewa albashi ba a ƙara masa ko sisi sai da izini a rubuce. Game da jinkirin kaso na biyu, ta yarda a miƙa rahoton farko da wuri da zarar an kashe kashi 70 na kason farko, wato dala 10,080, ba sai an jira ƙarshen Maris ba. Kason ƙarshe kuwa ta ce ƙa'idarta ce ga kowa, ba za ta janye ba. Amintattun suka koma kan tsarin aikinsu, suka yi magana da odita ya yarda a biya shi bayan kuɗin sun shigo, sauran kuma suka tsara tara shi kaɗan-kaɗan daga karo-karo tun daga watan farko.

Na shigar da gyare-gyaren biyu a Turanci da Hausa, na sa kwanan wata a saman sabon kwafin don kada a riƙa aiki da tsohon. Bisa roƙon Alhaji na ciro shafi ɗaya daban, na jera ranar kowane rahoto, wanda zai haɗa shi, da lambar sashen da ya wajabta shi, aka manna shi a bango kusa da teburin ma'aji. A kan kwafin Turanci suka sa hannu, Hajiya da Alhaji da malamin Islamiyya, kowannensu na Hausar na buɗe a gabansa, suka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya suna sa harafin farkon sunansu a ƙasan kowanne kamar yadda gidauniya ta nema.